Kafin a Kafa Tsani: Wa Ke da Alhakin Wane Hatsari a Aikin Rufi?

Mutumin da ƙafarsa ta goce daga bakin rufi mai tsayin mita 5 sakan ɗaya kacal gare shi kafin ya iso ƙasa, kuma zai iso ne da gudun kusan kilomita 36 a awa. A cikin wannan sakan babu damar kama wani abu, babu damar gyara faɗuwa. Duk abin da zai cece shi sai dai a ce an tanade shi tun kafin ya hau, kuma an tanade shi ne saboda wani ya zauna ya yi tunanin yadda faɗuwar za ta zo.

Wannan zaman tunani shi ne auna hatsarin aiki. A Birtaniya, inda ake ƙirga mace-macen wurin aiki ɗaya bayan ɗaya, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta HSE ta lissafa ma'aikata 138 da suka mutu a bakin aiki a shekarar 2023 zuwa 2024, kuma 50 daga cikinsu faɗowa suka yi daga sama. Babu wani sanadi da ya kai wannan kisa. Ƙasar ta kafa dokar aiki a sama a 2005, kuma tsarin dokar mai sauƙin riƙewa ne: idan za a iya yin aikin daga ƙasa, kada a hau, idan hawa ya zama dole, a hana faɗuwa, idan ba za a iya hana ta ɗungurungum ba, a rage nisanta da muninta. Dokar ba ta ce sai an kai tsayi kaza ba. Duk inda mutum zai faɗo ya ji rauni, ya shiga ƙarƙashinta.

Dokar ta Birtaniya ce, amma rufi rufi ne. Kafintan da ke buga kwano a Sharaɗa ko Maraɗi da takwaransa na Landan nauyin jiki ɗaya ke jan su ƙasa. Saboda haka bari a ɗauki aiki guda, irin wanda ake yi kullum a garuruwanmu, a bi shi daki-daki.

A ɗauka wani ɗan kasuwa yana da tsohon sito na ajiye hatsi, irin waɗanda suka cika kewayen kasuwar Dawanau. Tsawonsa mita 30, faɗinsa mita 12. Daga ƙasa zuwa bakin rufi mita 5, zuwa tsororuwa mita 6 da rabi. An rufe shi shekaru da dama da suka wuce da faranti na siminti mai haɗin asbesto, an saka 'yan faranti na roba masu shigo da haske jefi-jefi. Yanzu yana yoyo, mai shi yana son a yaye a buga dogon kwanon alminiyam kafin damina. Watan Afrilu ne. Ta gabas, mita 4 daga bango, wayar wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ta wuce. Mutanen da ke cikin aikin su ne mai sito, ɗan kwangila, foman, babban kafinta da yaransa biyar, leburori uku da ke miƙa kaya daga ƙasa, sai maigadi.

Aikin farko zagaye ne, ba rubutu ba. Ɗan kwangila da foman da babban kafinta za su zagaya ginin ta waje, su shiga ciki su ɗaga kai su dubi rufin ta ƙasa da tocila, su tambayi maigadi, domin shi ya san inda ruwa ke zuba da inda yaran unguwa ke tsallakowa. Ba a hawa rufin domin a duba shi. A kan kowane abu da suka gani tambaya uku ce: wa zai iya cutarwa, yaya yiwuwar faruwarsa take, kuma idan ya faru yaya muninsa? Da yawa suna ba yiwuwa maki daga 1 zuwa 5, muni ma daga 1 zuwa 5, su ninka. Abin da ya fito da 20 ko 25 ba a fara aiki sai an sauko da shi. Makin ba awo ba ne irin na sikeli, hukuncin mutane ne aka sa wa lamba, kuma amfaninsa ɗaya: ya nuna abin da za a fara kashe wa kuɗi.

Sai kuma layin da ya fi kowane muhimmanci a takardar, wanda kuma aka fi bari fayau: sunan mutumin da zai aiwatar da matakin, da ranar da zai gama, da wanda zai duba ya tabbatar. Mutum ɗaya, ba "ma'aikata" ba, ba "kowa da kowa" ba. Kuma dole ya zama mutumin da ke da ikon yin abin. Idan aka rubuta cewa yaron kafinta ne zai tabbatar an kafa shinge a bakin rufi, alhali ba shi da kuɗin hayar ƙarfe kuma ba ya iya ce wa ogansa a dakata, an rubuta ƙarya ne kawai.

Rufin da ba ya ɗaukar mutum

A wannan sito, abin da ya fi bakin rufi hatsari shi ne tsakiyarsa. Farantin siminti mai asbesto idan ya tsufa yakan yi gautsi. Ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi yadda kwanon ƙarfe ke yi, karyewa yake yi nan take. Farantin roba mai shigo da haske ya fi shi muni, domin rana ta cinye shi, ƙurar shekaru ta rufe shi har ya saje da sauran, wanda ke sama ba ya bambance shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan tsohon rufi ido bai san komai ba. Ta ciki ne ake gane su, inda haske ke ratsowa, shi ya sa ake ƙirga su daga ƙasa a zana wurarensu a takarda.

Kafintoci suna da tasu dabarar da suka gada: a taka layin ƙusa, domin a ƙarƙashinsa katako yake. Dabarar tana aiki har ranar da gara ta cinye katakon, ko tsatsa ta ci ƙarfen, ko mutum yana ɗauke da faranti bai ga inda ƙafarsa ta sauka ba. Tafiya ce a kan abin da faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, da rami a hagu da dama. A ma'aunin da aka ambata, yiwuwa 4 ce, muni 5, jimilla 20.

Tambayar farko ita ce ko za a iya yaye rufin ba tare da an taka shi ba, kuma a nan amsar e ce. Mai sito zai kwashe buhunansa, a shigo da hasumiyar sikafol mai taya da shinge, a tsaya a kanta daga ciki a kwance ko a yanke ƙusoshin ta ƙasa, a zare faranti ɗaya bayan ɗaya a sauke. Aikin ya fi jinkiri, amma babu wanda ƙafarsa ta taɓa farantin. Inda hawa ya zama tilas, kamar wajen tsororuwa, sai a shimfiɗa allunan tafiya masu faɗin aƙalla santimita 60, kowane ya hau katakon kwance biyu ko fiye, a ɗaure shi kada ya zame, sannan a ɗaura ragar tare mutum a ƙarƙashi, kusa da rufin gwargwadon iko. Raga tana lotsawa idan mutum ya faɗa cikinta, don haka tarin buhu ko ƙarfe a ƙarƙashinta ya ɓata amfaninta.

Layin nan ya rabu gida uku, kowane da mai shi. Kwashe kaya da kulle sito har a gama na mai sito ne, domin shi kaɗai ke iya ce wa 'yan dako kada su shiga. Kawo hasumiya da alluna da raga na ɗan kwangila ne, domin shi ke riƙe da kuɗin aiki. Duba su kowace safiya da hana kowa taka faranti na foman ne.

Asbeston kansa wani hatsari ne daban, mai kisa a hankali. Ƙurarsa idan ta shiga huhu tana iya kawo sankara bayan shekaru ashirin ko talatin ko fiye, abin da ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Ba a yanka shi da giranda, ba a jefo shi ya farfashe, ba a share ƙurarsa da tsintsiya. Ana jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungum, masu aikin su sa abin rufe hanci mai tace ƙura sosai, ba ƙyalle ba. Kuma akwai nauyi: kowace murabba'in mita kimanin kilo 15 ce, rufin duka ya doshi tan 6. Idan aka tara farantan da aka yaye a wuri ɗaya a sama, tsohon katako zai iya karyewa da mutanen da ke kansa. Babban kafinta ne ke da alhakin cewa duk farantin da aka cire ya sauka kafin a cire na gaba.

Bakin rufi da maganar ɗamara

Da an ambaci tsaro a aikin sama, abin da mutane ke fara tunawa shi ne ɗamarar nan ta jiki mai igiya. Tana da kwarjini a hoto, kuma ta fi sikafol araha nesa ba kusa ba. Amma a lissafa ta a kan wannan sito.

Igiyar da aka saba gani tsawonta mita 2 ne. A jikinta akwai wani ƙunshi da ke warwarewa idan mutum ya faɗi domin ya sassauta fizgar, kuma yana iya ƙara har mita 1.75. Daga inda igiyar ta kama bayan mutum zuwa tafin ƙafarsa, haɗe da miƙewar ɗamarar, a ba shi mita 2. A ƙara mita 1 na rata. Jimilla mita 6.75 ake bukata a ƙarƙashin inda aka maƙala igiyar. Bakin rufin siton mita 5 ne. Ma'ana, kafintan da ya maƙala igiyarsa daidai ƙafarsa a bakin rufin zai bugi ƙasa kafin igiyar ta gama aikinta. Ya sa ɗamara, an ɗauki hotonsa, kuma babu abin da ta tsare masa.

Ga kuma tambayar inda za a maƙala ta. Ƙa'idar hukumar OSHA ta Amurka ita ce madaurin ya iya ɗaukar kimanin kilo 2,270 ga mutum ɗaya, sai dai in ƙwararre ne ya tsara shi musamman. Katakon tu-bai-tiri da aka buga da ƙusa biyu bai kusa da haka ba. Bututun ruwa ko ƙarfen tankin sama ma haka.

Saboda wannan ne shinge ya riga ɗamara. Ana kafa sikafol a jikin bangon da ake aiki, dandamalinsa daf da bakin rufi, da ƙarfen sama a tsayin aƙalla santimita 95, da na tsakiya yadda babu tazarar da ta wuce santimita 47, da allo a ƙasa mai tare guduma da ƙusa kada su gangaro. Shinge yana kare kowa a lokaci ɗaya, har da sabon yaron da ya zo yau da wanda ya gaji ya manta. Ɗamara tana kare mutum ɗaya ne, shi ma in ya ɗaura daidai, ya maƙala daidai, a kowane minti. Ba lallai a kewaye ginin duka ba. Ana iya raba aikin gida uku na mita goma-goma, a riƙa matsar da sikafol, da sharaɗin babu mai wuce iyakar da shingen ya tsaya, kuma a tuna da gefen tsororuwa biyu, inda tsayin ya fi.

Ɗamara tana da gurbinta a nan, amma ta wata fuska: a ɗaure mutum da gajeriyar igiya wadda ba za ta bar shi ya kai bakin ba sam. Idan daga madauri zuwa baki mita 6 ne, igiyar ta zama mita 4 ko ƙasa da haka. Wannan hana faɗuwa ne, ba tare mutum bayan ya faɗi ba. Wanda zai zaɓi madaurin injiniya ne ko ƙwararren da ya san ƙarfin ginin, kuma sunansa ne zai hau layin. Sikafol kuma mai kafa shi zai miƙa shi a rubuce, foman ya duba kafin a fara hawa, ya sake dubawa duk kwana 7, da kuma bayan duk wata iska mai ƙarfi.

Tsani hanya ce, ba wurin aiki ba. Ana jingina shi yadda duk hawan mita 4 gindinsa zai ja baya mita 1, wato a nan mita 1 da kwata daga bango, kansa ya zarce wurin sauka da mita 1 domin a sami abin riƙewa, a ɗaure shi a sama. Wanda bai kai mita 6 da 'yan kai ba bai isa wannan aiki ba, kuma haɗa gajeru biyu da ƙusa ba ya mayar da su dogo. Ba a hawa da kwano a hannu.

Wayar da ke gabas

Sabon kwanon tsawonsa mita 6 da rabi ne, daga tsororuwa har baki ba haɗi. Wayar kuwa mita 4 take daga bango. Duk wanda ya tsayar da kwanon nan ko ya juya shi a ɓangaren gabas ya kai ga waya. Kuma wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ba ta jira a taɓa ta sosai, tana iya tsallakowa idan ƙarfe ya matso daf da ita. Ƙa'idar OSHA ga waya irin wannan ita ce a bar tazarar aƙalla mita 3, kuma ana auna tazarar ne daga ƙarshen abin da mutum ke riƙe da shi, ba daga jikinsa ba.

A nan akwai tarkon da ya keɓanta da mu. Wani zai leƙa ya ce, "Oga, ai an ɗauke wuta tun safe, mu yi sauri mu gama gefen nan." Ɗauke wuta ba kashe layi ba ne. Ana iya dawo da ita a kowane sakan ba tare da sanarwa ba, kuma janareton wani da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya turo wuta baya cikin layin. Layi ya mutu ne kawai idan kamfanin rarraba wuta, wanda a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, ya cire shi da gangan, ya gwada, ya haɗa shi da ƙasa, ya ba da takarda mai ɗauke da lokacin farawa da na ƙarewa.

Don haka matakan biyu ne. Dukan kwano ta yamma zai hau, a kwance, mutum biyu suna riƙe da shi. Ɓangaren gabas kuma, har da kafa sikafol ɗinsa da kwance shi, ba za a taɓa ba sai ranar da aka kashe layin. Neman kashe layin na mai sito ne, domin ginin nasa ne kuma shi kamfanin ya sani. Foman ne zai riƙe takardar a hannunsa, ya ga wayoyin da aka haɗa da ƙasa da idonsa, kuma ya sauko da kowa rabin awa kafin lokacin ya cika. Da wannan, makin ya sauko daga 15 zuwa 5. Munin bai ragu ba, domin wutar ba ta rage kisa ba, yiwuwar ce aka danne.

Iska da rana

Dogon kwanon alminiyam ba shi da nauyi, bai fi kilo 10 zuwa 12 ba, kuma rashin nauyin ne matsalarsa. Faɗinsa ya kai murabba'in mita 6 da rabi. Idan iska mai gudun kilomita 42 a awa ta buge shi a fuska, turin da za ta yi ya haura nauyin kilo 50, kuma za ta yi shi ne ba zato, ga mutumin da ke tsaye a kan gangare. Jagorar aikin rufi ta Birtaniya ta ce a daina ɗaukar kwanon da ya wuce mita 5 idan matsakaicin gudun iska ya kai kimanin kilomita 27 a awa. Akwai ƙaramar na'urar auna iska ta hannu, kuma ya kamata foman ya mallake ta. In babu, akwai alama: idan iska ta fara ɗaga ƙura da takardu daga ƙasa tana kaɗa ƙananan rassa, an kusa iyaka, idan ƙananan bishiyoyi suka fara rangaji, an wuce ta. Iskar sama kuma ta fi ta ƙasa ƙarfi.

Ƙarshen Afrilu da Mayu lokaci ne da hadari ke haɗuwa daga gabas cikin ɗan lokaci, iska da ƙura su riga ruwa isowa. Hatsarin ba na masu aiki ba ne kaɗai. Kwanon da aka ajiye a sama ba a ɗaure ba yana iya tashi ya sauka a kan mai tallan da ke wucewa a titi. Don haka ba a hawar da kwano fiye da wanda za a buga a cikin awa ɗaya ko biyu, kuma duk wanda aka shimfiɗa a kafe shi kafin a tashi. Idan aka ji tsawa a sauko, kuma ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Wa ke da ikon cewa a tsaya? Wannan ne layin da aka fi samun saɓani a kansa, domin kafinta yana karɓar kuɗi ne a kan aikin da ya gama, mai sito kuma yana kallon sama yana tsoron ruwa ya riski ginin a buɗe. Dukansu suna da dalilin son a ci gaba. Shi ya sa ake rubuta cewa foman ke tsayar da aiki, mai sito da ɗan kwangila su sa hannu cewa sun yarda, kuma a amince tun farko cewa awannin da iska ta ci ba za a zaftare su daga kuɗin kowa ba. In ba haka ba, ranar da Alhaji ya tsaya a gindin tsani ya ce, "Malam, saura layi biyu fa, ku ƙarasa mana," babu foman da zai iya cewa a'a.

Zafi kuwa yana kaiwa digiri 40 a Kano a wannan wata, kan kwano ya fi haka. Mutumin da jiri ya ɗiba a ƙasa zama zai yi, a sama faɗowa zai yi. Ana fara aiki da sassafe, a sauko kafin azahar, a koma bayan la'asar idan iska ta bari. Ana shan kofin ruwa duk minti 15 zuwa 20 ko ba a ji ƙishi ba, kuma idan aikin ya faɗo cikin azumi sai a taƙaita shi ga safiya. Alamun da babban kafinta zai sa wa ido a yaransa su ne ciwon kai, tangaɗi, da amsa magana ba daidai ba. Kawo ruwa da rumfa na ɗan kwangila ne.

Na ƙasa ma suna cikin lissafi. Guduma mai kilo ɗaya da ta faɗo daga mita 6 ta isa fasa kai. Ana kewaye gindin ginin da igiya ko shinge, leburori su sa hular kwano, maigadi ya hana yara da masu talla shiga, da yamma kuma ya tabbatar an sauke tsani an kulle shi.

Idan duk da haka wani ya faɗi

Takardar da ba ta da wannan layi ba ta cika ba. Mutumin da ya faɗa raga ko yake reto a ɗamara dole a sauko da shi cikin 'yan mintoci, domin wanda ya rataye ba ya motsi jini yana taruwa a ƙafafunsa har ya suma, abin kuma yana iya kai shi ga mutuwa. Ba a jiran 'yan kwana-kwana su iso. A siton nan hasumiyar mai taya ce hanyar ceto, don haka ba za a mayar da ita ba sai an buga kwano na ƙarshe, kuma mutum biyu da aka ambaci sunansu za su gwada turo ta da sauko da mutum tun ranar farko.

Wanda ya bugi ƙasa kuma, kuskuren da aka fi yi masa shi ne na ƙauna: a ciccibe shi hannu da ƙafa, a zaunar da shi, a yayyafa masa ruwa, a cusa shi a Keke Napep. Idan ƙashin bayansa ko na wuyansa ya tsage, wannan ɗaukar ce za ta iya shanye masa ƙafafu har abada. Ana riƙe kansa daidai da jikinsa, a bar shi a kwance, in ɗauka ta zama dole a ɗora shi a kan allo mai tauri a mota mai shimfiɗa. Takardar za ta faɗi motar wa ce, makullinta na hannun wa, wane asibiti mafi kusa ke da sashen gaggawa, da lambar 112. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, amma wanda ke zubar da jini ko ya fita hayyacinsa asibiti mafi kusa ake fara kai shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF domin irin wannan rana, kuma mai sito yana da damar tambayar ɗan kwangila shaidar rajistarsa kafin ya ba shi aikin.

Duk wannan yana shiga shafi biyu. Kowace safiya foman zai tara mutanensa minti goma, ya karanta musu layukan da suka shafi aikin ranar da Hausa, ya kira sunan mai kowane layi, shi kuma ya amsa ya ce an yi ko ba a yi ba. Layin da aka ce ba a yi ba, aikin da ya rataya a kansa ba ya farawa.

Kuma takardar tana canzawa da aikin. A ce an yaye kashi na farko, sai aka tarar gara ta cinye katako shida da ba a gani ba ta ƙasa. Allunan tafiya ba su da abin hawa kenan, don haka wancan layin ya rushe, sai injiniya ya duba ya ce ga waɗanda za a canja kafin kowa ya sake hawa. Ko a ce an ɗaga ranar kashe layin wuta daga Talata zuwa Asabar: ɓangaren gabas ya koma Asabar, hayar sikafol ta ƙaru da kwana huɗu, kuma sai mai sito da ɗan kwangila sun zauna sun yanke wanda zai biya. Ko babban kafinta ya tafi wani aiki ya turo ƙaninsa. Layuka uku ke ɗauke da sunan wanda ya tafi, na sauke faranti, na kafe kwano kafin tashi, da na lura da yara a rana, kuma foman zai zauna da sabon ya bi su da shi ɗaya bayan ɗaya, ya soke tsohon suna ya rubuta nasa da kwanan wata, sannan a kafa tsani.